Harshen Baba ya yi fari, mun rasa gane dalili

Assalamu alaikum, 'yan uwa ma'aikatan lafiya, a taimaka mana da haske. Baba shekararsa 68, muna zaune a Gombe, yana da ciwon suga. Mako 3 da suka wuce ya gama shan maganin ƙwayoyin cuta na kwana 7 saboda tari, sai harshensa ya yi fari fat kamar an shafa kindirmo.

Da farko mun ɗauka ƙarancin ruwa ne, tunda zafi ake yi. Amma ƙishirwa busar da baki take yi, yawu ya yi kauri, fitsari ya yi duhu, shi kuwa nasa garau yake, yana shan ruwa sosai. Na goge farin da auduga, ya fita, ƙasansa ja har da ɗigon jini, shi ya sa nake zargin kandida, wato cutar fungus ta baki. An ba shi nistatin na ɗigawa sau 4 a rana, yau kwana 6, farin ya ragu kaɗan kawai.

Abin da ya ɗaure min kai, gefen harshen ya yi sumul, ja wur, yaji na ƙona shi. Shekara 9 yana shan maganin suga na metfomin, wanda ke iya rage bitamin B12, shi ya sa nake tunanin ko ƙarancin bitamin ɗin ne ya jawo hakan. Gwajin jini za mu fara nema, ko sugan ne ya hana nistatin ɗin aiki?