Abin da masu haɗa bidiyon biki suka yi ittifaƙi a kai

A tattaunawar da aka yi kan yadda ake haɗa hotunan biki su zama bidiyo, yawancin waɗanda suka tofa albarkacin bakinsu sun ce a fara zaɓen kiɗa, shi zai yanke yawan hotuna. Waƙar minti 3 daƙiƙa 180 ce, in kowane hoto ya samu daƙiƙa 4, hoto 45 ke nan. Hoton da jama'a suka cika a ƙara masa lokaci, kowa sai ya nemo fuskarsa.

Kan motsi aka fi daɗewa. A bar hoton ya riƙa matsowa a hankali zuwa fuska, kusantowar kada ta wuce kashi 10 cikin 100. In ta zarce, ƙaramin hoto zai dushe, musamman wanda aka turo ta WhatsApp, don an matse shi. A nemi na asali.

Hoton tsaye kuwa, a cike gefensa da kwafinsa mai hazo. Ni ma na fi son haka da a yanke wa wani kai.