Na raba 12.68 gida 12, lissafin ya ƙi komawa inda ya fito

Assalamu alaikum jama'a. Kwana biyu ke nan wani lissafin kuɗin ruwa ya hana ni sakat.

An ajiye 100,000 a kan ruwa na kashi 12 cikin ɗari a shekara, amma duk wata ake haɗa ruwan da uwar kuɗi. Wato kashi 1 kowane wata, shi ma ruwan yana haihuwa. Na yi amfani da `(1 + r/n)^n - 1`, na sa `r = 0.12` da `n = 12`, sai na samu kashi 12.68. A ƙarshen shekara kuɗin ya zama kimanin 112,683 a maimakon 112,000. Wannan ya zauna mini, 12 na takarda ne, 12.68 shi ne ainihin abin da aka samu.

A komawa baya ne na cije. Idan 12.68 kawai aka ba ni, aka ce in nemo na wata ɗaya, sai na raba gida 12, na samu kusan 1.057. Da na sake tara shi har wata 12 don in gwada, kusan kashi 13.4 ya fito! Ke nan rabawar ce ba daidai ba. Ina zargin `1.1268^(1/12) - 1` ya kamata in yi, amma na kasa gane dalilin da ya sa rabawa ta yi aiki a kan 12, ta ƙi a kan 12.68.

Sannan da na mayar da `n` 365, kashi 12.75 kawai na gani. Na zaci zai yi tashin gwauron zabo. Akwai iyakar da ba ya wucewa ne komai yawan haɗawar? Don Allah wanda ya sani ya warware mini.