Ruwan hoda na biya, ruwan goro ya zo

Maman Hanif: Jama'a an damfare ni! Leshi yadi 5 ruwan hoda na saya wurin wata a Kano, na ankon bukin ƙanwata, ta aiko man ruwan goro. Saura kwana 9. Ni ba kuɗɗina nika so ba, kayana nika so. Yaya zan yi?

Luba Mabera: Damfara kuma? Wanda ya damfare ka ai ko ƙyalle ba ya aiko maka. Kuskure ne.

Maman Hanif: Kuskuren da na kira sau 3 ba ta ɗauka ba?

Abban Sadiq: Ku ma kuna da naku. Hasken waya na canza kala, a hoto ku gani ku ce shi ne.

Inna Kulu: Malam, hasken waya na iya sa hoda ta yi duhu ko haske, amma ba ya maida ta goro. Maman Hanif, ajiye kalmar damfara tukuna, in kika rubuta mata ita kin rufe ƙofar musanya. Kada almakashi ya taɓa leshin, kada ruwa ko turare, ki bar shi cikin ledarshi. Ki ɗauki hotonshi da rana a waje, ki haɗa da hoton da kika zaɓa da saƙon da kika rubuta kalar, ki tura mata. Abu na farko da za ki tambaya: ruwan hodan na nan? In yana nan ta ware maki yadi 5, ta nuna maki a bidiyo. Musanya ta fi mata sauƙi, don kuɗinki ƙila sun riga sun koma cikin kaya.

Luba Mabera: To amma kuɗin mota su raba, adalci ke nan.

Inna Kulu: A'a ɗiyata. In a rubuce ta ce hoda, zuwa da dawowa na mai kaya ne. Rabawa sai in ba shaida. Kuma tunda lokaci ya ƙure, a yi aiken rana ɗaya: ki kai naki tasha, ta kai nata, kowa ya tura lambar direba.

Zulai: Haka na yi da takalmi, na maida 39 ina jiran 41, wata biyu ke nan. Kanawa sai a hankali.

Luba Mabera: Ki iya bakinki, uwata Bakanuwa ce. A Sakkwato ba a cuta?

Zulai: Ashe shi ya sa kike ta kare ta. Ko ke ma saida kaya kike?

Abban Sadiq: Da kin shiga babbar kasuwa kin taɓa da hannunki, da duk wanga bai taso ba.

Maman Hanif: Ta amsa yanzu. Wai yarinyar shago ce ta haɗa nawa da na wata. Hodan saura yadi 4.

Inna Kulu: Tambayi telanki ko 4 za su fitar da ɗinkin. In ya yarda, ta cike maki kuɗin yadi ɗaya.

Luba Mabera: A taƙaice dai kowa ya yarda ba damfara ba ce, kuma Maman Hanif za ta ba baiwar Allah haƙuri.

Zulai: Wa ya yarda?