Buhu nawa na jipsam harden nan zai ci?

Mai tambaya, daga Maroua: Assalamu alaikum 'yan uwa. Ina da kwata ɗaya, wato rubu'in hekta, na harde, faƙon nan mai tauri, ruwa yakan kwanta a kai har ya bushe bai shiga ba. Takardar awon ƙasa ta ce ESP, wato kason sodiyam cikin ɗari, 25; CEC, wato ƙarfin ƙasa na riƙe sinadarai, 20; nauyin ƙasa 1.6. Jipsam nawa zan saya?

Wani manomin albasa: Wa alaikumus salam. Kanwa ce kawai, Alhaji. Ka cika fangalin da ruwa sau uku, za ta wanke.

Malamin gona: Yaya, wannan maganin gishiri ne. A harde sodiyam ya manne wa yumɓu, sai kalsiyam ɗin jipsam ya ture shi tukun ruwa ya kwashe.

Alhaji, fara da zurfi. A ce santimita 20, inda garma ke kaiwa. Da nauyi 1.6, hekta ɗaya ƙasa ce tan 3,200. Ba sifili ake nema ba, ESP ya sauko daga 25 zuwa 10 ya isa, ragin 15 ke nan. Kashi 15 cikin ɗari na CEC 20 shi ne 3, kuma kowane ɗaya na cin giram 0.86 na jipsam a kilon ƙasa. A dunƙule, D zurfi ne a mita, BD nauyin ƙasa, ESPi na yanzu, ESPf wanda ake nema:

```
tan/ha = 0.086 × D(m) × BD × CEC × (ESPi − ESPf)
0.086 × 0.20 × 1.6 × 20 × 15 = 8.3
```

Wannan na takarda ne. Ba duk kalsiyam ke samun sodiyam ba, shi ya sa nakan ƙara rubu'i: 10.3. In jipsam ɗin kasuwa tsabtarsa kashi 80 ce, ka raba da 0.8, ya kusa tan 13 a hekta. Kwatarka tan 3.2, buhu 65 ke nan masu kilo 50.

Wata ɗalibar aikin gona: Malam, ai saiwar dawa ta wuce nan. Ba gara a yi santimita 60 ba, a ninka sau uku?

Malamin gona: 'Yata, batun saiwa gaskiyarki. Amma ninkawar ba ta halatta ba, don awon saman ne a hannunmu, kuma a harde sodiyam yakan fi yawa a can cikin ƙasa. Kowane hawa da lissafinsa. Ga ruwa kuma: lita ɗaya ba ta narkar da jipsam fiye da giram biyu da rabi, kusan. Ko tan 13 ɗin, ni sai in raba shi damina biyu, a gauraya da saman ƙasa, a ja kunya ta tare ruwa.

Mai shinkafa a Yagoua: Ni na zuba jipsam, farin gishirin ya dawo da rani. Ashe ruwan ƙasa na kusa, babu magudana.

Manomin albasa: To buhu 65 a kwata, dawa nawa za ta biya? Ni dai takin shanu.

Mai tambaya: Na gode. Malam, awon nan daga rami ɗaya na ɗebo, a tsakiyar faƙon. Ya wadatar, ko in sake?