Neman kalmar Hausa: lissafin raba ayyuka ga ma'aikata, da wanda ake sakawa don cike gurbi

Malama Mai Lissafi: Assalamu alaikum. Ranar Alhamis zan ɗauki darasi da Hausa don ɗalibaina na kwalejin fasaha, kuma kalmomi uku sun tsaya mini. Darasin shi ne wanda littattafan Turanci ke kira asayinmen furobulem: ma'aikata ga su, ayyuka ga su, kowa aiki ɗaya zai ɗauka, ana son jimillar lokaci ko kuɗi ta zama mafi ƙaranci. Ina neman sunan matsalar, da sunan ɗebe ƙaramin adadi daga kowane layi na tebur, da kuma sunan domi, wato layin da ake ƙirƙira idan yawan ma'aikata da na ayyuka bai zo ɗaya ba. Ga misalina, teloli uku, lambobin awoyi ne:

```
        Riga  Kaftani  Wando
Audu     8      4       3
Bala    11      7       4
Cindo   12      6       7
```

Ɗan Makaranta: Wa alaikumus salam Malama. Ai asayinmen jinga ne. Matsalar jinga ke nan.

Malama Mai Lissafi: Ɗana, wannan jingar da nake ba ku ku tafi da ita gida daban ce. In na ce matsalar jinga, za su zaci waɗanda ba su kawo aikin gida ba nake nufi.

Injiniya Mai Ritaya: Rabon aiki ya wadatar, sai dai a ƙara "ɗaya-ɗaya", don sharaɗin ke nan: ba mai riƙe aiki biyu, ba aikin da mutum biyu za su haɗu a kai. Ta biyun ce ke son hattara. Kada ki ce rage layi, domin Bahaushe zai ji kamar layukan ne za a rage yawansu. Layuka suna nan yadda suke, abin da ke cikinsu ake taɓawa. A teburinki, a ɗebe 3 daga layin Audu, 4 daga na Bala, 6 daga na Cindo. Sai a dubi layukan tsaye: na kaftani da na wando sun riga sun sami sifili, na riga kuwa ƙaraminsa 5 ne, a ɗebe shi.

```
        Riga  Kaftani  Wando
Audu     0      1       0
Bala     2      3       0
Cindo    1      0       1
```

Bala sifili ɗaya gare shi, wando. Cindo kaftani. Riga ta rage wa Audu. Jimilla 8 da 4 da 6, awa 18. Ki haɗa abin da aka ɗebe, 3 da 4 da 6 da 5, shi ma 18 ne, kuma wannan ita ce shaidar cewa ba rabon da zai fi shi. Ni rangwame nake ce wa ɗebewar nan. Duk rabon da aka yi, gida ɗaya tak zai ɗauka daga layin Audu, saboda haka in an sauke 3 daga layin gaba ɗaya, kowane rabo ya sauka da 3, wanda ke kan gaba a da shi ne kan gaba har yanzu.

Tela Mai Shago: Ni fa ban ga abin wahala ba. A shagona duk wanda ya fi sauri a abu shi nake ba. Audu ya fi kowa saurin wando, a ba shi wando mana.

Injiniya Mai Ritaya: Gwada ka gani, Maigida. Audu wando awa 3, Cindo kaftani awa 6, riga ta faɗa kan Bala awa 11. Ka tashi da 20. Ka ci ribar awa ɗaya a wando, ka yi asarar uku a riga. A mutum uku hanyoyin rabo shida ne, kana iya lissafa su a ka. A mutum goma sun kai 3,628,800.

Sarkin Nahawu: Rangwame maganar kasuwa ce, ba ta dace da aji ba. Na daɗe ina faɗa cewa kalmar da ta dace ita ce sifilantarwa, daga sifili, tun da manufar a samar da sifili a kowane layi. Sifilantar da kwance, sifilantar da tsaye. Ginin kalmar daidai yake da na ilimantarwa, ba wanda zai ce ba Hausa ba ce.

Hajiya Mai Fassara: Ginin daidai ne, Malam, ma'anar ce ta kauce. Wanda ya ji sifilantar da layi zai ɗauka duk layin za a mayar sifili. Yara sun san ɗebewa tun firamare. A ce ɗebe ƙaramin layin kwance, ɗebe ƙaramin layin tsaye. Ya yi tsawo, amma umarni ne da ɗalibi zai bi ba sai an yi masa bayani ba.

Sarkin Nahawu: Da wannan lalacin ne harshe ba ya girma. Kullum sai jimla a wurin da kalma ɗaya za ta isa.

Malama Mai Lissafi: A bar wannan tukuna, ga inda ya fi damuna. Tela na huɗu ya zo, Dauda, ayyuka kuwa uku ne. Nasa awoyin: riga 9, kaftani 12, wando 8. Littafi ya ce a ƙara aiki na huɗu wanda babu shi, a cika layinsa da sifili. Me zan kira shi?

Ɗan Makaranta: Na bogi. Amma Malama me ya sa za a wahala? Dauda ya fi kowa nawa, jimillarsa 29. A sallame shi a ci gaba da ukun.

Injiniya Mai Ritaya: Nan ne mutane ke faɗawa rami. Bari mu yi shi a gani. Da an saka layin sifili, kowane layin kwance ya riga ya sami sifili, ɗebewar kwance ba ta da abin yi. Sai ta tsaye: 8 daga riga, 4 daga kaftani, 3 daga wando.

```
        Riga  Kaftani  Wando  Babu
Audu     0      0       0      0
Bala     3      3       1      0
Cindo    4      2       4      0
Dauda    1      8       5      0
```

Sifili da yawa, amma ba su raba aiki ba. Hanyar ganewa ita ce a ja zane a rufe dukkan sifilin da mafi ƙarancin zane. A nan biyu sun isa: ɗaya a kan layin Audu, ɗaya a kan layin Babu. Biyu bai kai huɗu ba, to da sauran aiki. A nemi ƙarami cikin lambobin da zane bai taɓa ba, 1 ne. A ɗebe shi daga duk waɗanda ba a rufe ba, a ƙara shi a inda zane biyu suka gitta juna, sauran a bar su.

```
        Riga  Kaftani  Wando  Babu
Audu     0      0       0      1
Bala     2      2       0      0
Cindo    3      1       3      0
Dauda    0      7       4      0
```

Yanzu Cindo sifilinsa ɗaya ne, a ƙarƙashin Babu, shi ne zai huta. Bala wando, Dauda riga, Audu kaftani. A koma tebur na asali: 4 da 9 da 4, awa 17. Da an sallami Dauda tun farko da 18 aka tashi. Shi ɗin da ake gani mai nawa, a riga awa ɗaya kawai Audu ya fi shi, zuwansa ne ya sa Audu ya koma kaftani.

Hajiya Mai Fassara: To ga dalilin da ban yarda da bogi ba. A ƙasar nan in ka ce ma'aikacin bogi, kowa ya san wanda ke karɓar albashi ba ya zuwa aiki ake nufi. Ɗalibi zai ji kamar maguɗi ake koya masa. Muna da cikon benci, kuma daidai aikinsa ke nan, ya cika tebur ya zama huɗu da huɗu.

Sarkin Nahawu: Benci Turanci ne. Mun gudu daga domi mun faɗa benci. A ce cikon sahu.

Ɗan Maraɗi: Malam, sifilin da ka gina kalmarka a kai daga Larabci ya zo, awa da tebur kuma ka bar su sun wuce ba ka ce komai ba. Mu nan da Faransanci muka koyi darasin, afektasiyon ake ce masa. Kuma kullum in za a yanke kalma sai a yanke da kunnen Kano, a manta akwai masu karatu a wannan ɓangaren. Cikon sahu ya fi mini, don kowa ya san sahu daga masallaci.

Sarkin Nahawu: Larabci ya yi ɗaruruwan shekaru a bakinmu, ba za ka haɗa shi da na jiya ba. Daidaitacciyar Hausa kuma ba ni na ɗora ta kan karin Kano ba.

Injiniya Mai Ritaya: Ku yi haƙuri, ko masu abin ba su tsaya wannan faɗan ba. Harold Kuhn Ba'amurke ne, ya fitar da hanyar a 1955, ya sa mata sunan ƙasar Hungary don ya gina ta kan aikin masana lissafi biyu na can, Kőnig da Egerváry. Abin da nake so Malama ta jaddada shi ne cikon yana zuwa ta fuska biyu. In ayyuka ne suka fi yawa, layin kwance ake ƙarawa, kuma aikin da ya faɗa wa wannan ma'aikacin shi ne ba za a yi ba. Duk sunan da aka zaɓa ya dace da mutum, ya dace da aiki.

Tela Mai Shago: To ni ga tawa. Lokacin Sallah ɗinki ya fi yarana yawa, ba kuma wanda zan mayar wa mai shi. Audu na iya ɗaukar biyu. Ciko ba zai ɗinka mini komai ba.

Injiniya Mai Ritaya: Gaskiyarka, taka ta fita daga sharaɗin ɗaya-ɗaya. Dabarar ita ce a rubuta layin Audu sau biyu kamar mutum biyu ne. Sai dai lissafin jimillar awoyi yake ragewa, bai damu da ranar da aikin ƙarshe zai fito ba. In damuwarka a gama kafin jajibiri ne, wata matsala ce daban.

Malama Mai Lissafi: Na gode ƙwarai. Zan yi amfani da rabon aiki ɗaya-ɗaya, da ɗebe ƙaramin layi. Rangwamen Injiniya zan kawo shi wajen bayanin dalilin da ɗebewar ba ta canza amsa. A na ukun zan ce ciko kawai, ma'aikacin ciko da aikin ciko, benci da sahu duk su jira. Sai dai yanzu na ga wata: layin tebur da layin da ake ja a rufe sifili duk layi ne. Injiniya ya ce zane, amma a shagon tela zane na ɗaurawa ne.

Hajiya Mai Fassara: Ki ce sanda. A rufe sifili da sanduna.

Sarkin Nahawu: Ciko na karɓa, tun da ba ku da niyyar jin gyara. Sanda kam a'a, ba kiwo muka fito ba. Sifilantarwa kuma ban janye ta ba, ki faɗe ta ko sau ɗaya a darasin ki ga ko ɗalibai ba za su riƙe ta ba.