Na biya haraji, zan iya cire shi daga zakkar bana?

Mai Kanti: Assalamu alaikum 'yan uwa. Shekarar zakkata ta cika. Kayan da ke kanti sun kai miliyan 8, kuɗi a hannu da banki miliyan 2, ina bin mutane miliyan 1, ana bina miliyan 1 da rabi. Ribar bana miliyan 1 da dubu 200 ce, kuma na riga na biya harajin dubu 180 a kanta. Tunda da harajin ake gina asibiti da makaranta don talakawa, zan iya lissafa shi cikin zakka in cika ragowar?

Baban Yara: Wa alaikumus salam. Ni a ganina ai ka ma wuce. Zakka kashi 2.5 ce cikin ɗari, kai kuwa kashi 15 ka bayar. Wanda ya ba da babba, ƙarami ya shige ciki.

Tsohuwar Akanta: Baban Yara, kason da ka faɗa daidai ne, amma ba a kan abu ɗaya ake ɗora su ba. Harajin da ya biya ribar da ta shigo cikin shekara yake kallo. Zakkar kasuwanci kuwa dukiyar da ke tsaye ranar cikar shekara take kallo, uwar kuɗi da ribarta gaba ɗaya. Mu lissafa. Miliyan 8 na kaya, a tara da 2 na kuɗi, da 1 na bashin da yake sa ran za a biya shi, ya zama 11. A cire miliyan 1 da rabi da ake binsa, saura 9 da rabi. Ɗaya cikin arba'in na wannan shi ne 237,500. Wato zakkarsa ta fi harajinsa yawa, ta kusa kashi 20 cikin ɗari na ribarsa.

Inda za ka fi ganin bambancin shi ne shekarar da kasuwa ta ƙi. A ce baɗi bai ci riba ko kaɗan ba, amma kaya na nan jibge a kanti. Harajin riba zai sauka ƙasa ƙwarai ko ya ɓace, zakka kuwa tana nan daram muddin dukiyar ta kai nisabi, wato kimar giram 85 na zinare. Ga kuma ma'aikaci mai albashi mai tsoka da ke cinye shi kafin wata ya mutu: ana yankar harajinsa duk wata, amma a wurin mafi yawan malamai babu zakka a kansa, don babu abin da ya shekara a hannunsa. Mai Kanti, ka kula kuma da kimar kayan. Farashin da za su sayu yau ake ɗauka, ba wanda ka saro su ba, kuma kantoci da firiji da motar dako ba sa shiga lissafi, tunda ba na sayarwa ba ne.

Mai Noman Rani: Allah Ya saka. Ashe ni ma ɗaya cikin arba'in zan fitar daga hatsin da na girbe?

Malam Ƙarami: A'a ɗan uwa, naka babi daban ne. Amfanin gona ba ya jiran shekara, ranar girbi ake fitarwa idan ya kai awsuƙi 5, wato sa'i 300. Wanda ruwan sama ya shayar ɗaya cikin goma, wanda ka shayar da inji da wahalarka ɗaya cikin ashirin.

Mu koma kan Mai Kanti. Amsar da mafi rinjayen malamai suke bayarwa ita ce haraji ba ya tsaya wa zakka, kuma dalilin da ya fi ƙarfi yana wajen waɗanda ake ba. Aya ta 60 a Suratut Tauba ta ƙididdige su su takwas: faƙirai, miskinai, ma'aikatan tattara ta, waɗanda ake lallashin zukatansu, 'yanta bayi, waɗanda bashi ya danne, tafarkin Allah, da matafiyin da guzuri ya yanke masa. Haraji kuwa baitulmalin gwamnati yake faɗawa, majalisa ta raba shi a kasafi. Daga ciki ake biyan albashin soja da alƙali, a shimfiɗa titi, a biya ruwan bashin da ƙasa ta ci. Titin nan attajiri yana bi, talaka yana bi. Wannan halal ɗin amfani ne ga jama'a, amma ba shi ne miƙa haƙƙin faƙiri a hannunsa ba. Lokacin da Annabi (SAW) ya aiki Mu'azu ɗan Jabal zuwa Yaman, abin da ya ce masa game da ita shi ne a karɓa daga mawadatansu a mayar ga matalautansu.

Sai niyya. Ran da ka biya dubu 180 ɗin nan, nauyin doka ka sauke, ba ibada ka ƙudurta ba, kuma ba a ɗaura wa zakka niyya bayan kuɗi sun daɗe da barin hannu. Ƙimar ma haka take: ta haraji sabuwar doka na iya ɗaga ta ko sauke ta, ta zakka babu mai taɓa ta.

Uwar Marayu: Ni ba lissafi na sani ba, amma na san hannun da take faɗawa. Shekarar da maigidana ya rasu ya bar mu da bashi, wani bawan Allah ya zo da zakkarsa a ambulan, ya zauna ya ƙirga a gaban mai bin bashin, aka yaga takardar. A daren nan na yi barcin da na yi wata huɗu ban yi ba. Asibitin gwamnati mun amfana da shi, ban musa ba, amma ba zai iya yi mini wannan ba. Don Allah ɗana, kada ka rage musu.

Baban Yara: To Malam, na karɓi gyara. Amma wallahi akwai nauyi, mutum ɗaya a tatse shi ta fuska biyu. Ba a samun ƙasar da ta haɗa su?

Tsohuwar Akanta: Ana samu, sai dai ta can ɓangaren ake ragewa. A Malesiya wanda ya biya zakka ga hukumar addini ta jiha yana kai rasiɗi a cire masa adadin daga harajin kuɗin shigarsa. A Saudiyya hukuma ɗaya ke karɓar duka biyun: kason 'yan ƙasa a kamfani zakka ake karɓa a kansa, kason baƙi kuma harajin kashi 20 na riba. Pakistan tun 1980 take yankar kashi 2.5 daga asusun ajiya a farkon Ramalana. Ka ga a Malesiya harajin ne ya sassauta wa zakka, ba ita ta sassauta masa ba. Mai Kanti, sauƙin da harajinka ya kawo maka ya riga ya shiga lissafi: dubu 180 ɗin sun fita kafin ranar ƙirga, don haka zakkarsu, wato 4,500, ta sauka daga kanka. Iyakarsa ke nan.

Mai Kanti: Na gamsu, Allah Ya ƙara ilimi. Saura ɗaya. Akwai wani harajin dubu 60 da aka riga aka yanka mini, takardar na hannuna, amma ban biya ba tukuna. In sa shi cikin bashin da ake bina?

Tsohuwar Akanta: A littafin lissafi bashi ne tabbatacce, ni da zan cire shi.

Malam Ƙarami: Hajiya, a nan zan ɗan ja. Malamai da yawa na zamani suna cire shi idan lokacin biyansa ya yi. Amma a mazhabar Malikiyya bashi ba ya rage zakka idan mutum yana da wata kadara da za a iya sayarwa ta biya shi, kamar fili ko gida na biyu, kuma wannan zai shafi har miliyan 1 da rabin nan. Mai Kanti, kana da wata kadara bayan gidan da kake ciki? Faɗa mana kafin a rufe lissafin.