Takardun asibitin Jamus da kamfanin inshora ya dawo mana da su

Maman Hanif: Assalamu alaikum 'yan uwa, shawara nake nema. Babanmu ya je ziyara Jamus, ciwon ciki ya kama shi da dare, aka gano tsakuwa a matsarmama ta jawo kumburi, aka yi masa tiyata. Mu muka biya asibiti, da yake yana da inshorar tafiya muka tura takardu a maido mana. Kamfanin ya dawo da su, wai ba ya karɓar Jamusanci. Akwai takardar sallama shafi huɗu, lissafin asibiti, wani lissafin daban na likita, da rasit ɗin magunguna. Wane irin mai fassara zan nema, kuma duka za a fassara?

Garba Direba: Wa alaikumus salam, Allah ya ƙara wa Baba lafiya. Ai asibitocin can suna da tafinta Hajiya, lokacin da aka kwantar da yayana a waje har ɗaki ake kawo masa. Ku kira su.

Malam Sani: Garba, wancan na baki ne, ita ta takarda take nufi. Hajiya, kafin ki kashe ko sisi, ki rubuta wa kamfanin ki tambaye su abu uku, su amsa a rubuce: da wane harshe suke so, waɗanne takardu ne dole, kuma fassara mai hatimi suke buƙata ko ta kowa ta wadatar. Na sha ganin an fassara shafi ashirin, ashe takardar sallama da lissafin kuɗi kaɗai ake so. Ki kuma tambayi asibitin ko za su ba ki takardar sallamar da Turanci, wasu suna yi, sai ya rage miki lissafin kawai. In hatimi suke so, a Jamus akwai masu fassara da kotu ta rantsar, nasu ne aka fi amincewa da shi.

Anti Bilki: Ni shawarata ki ce wa mai fassarar ya juya miki kuɗin daga Yuro zuwa kuɗin da kamfanin ke biya da shi, ya fi musu sauƙin dubawa. Sannan ya rubuta sunan wata da haruffa, kada ya bar lambobi zalla.

Malam Sani: Ta watan gaskiya ce Anti, ta kuɗin kuwa a'a. Mai fassara ba ya canjin kuɗi. Abin da ke takarda EUR ne, EUR zai bari. Kamfani ne zai juya da farashin ranar da yarjejeniyarsu ta faɗa, in kika riga su, adadin fassara ya saɓa wa na asali, sai su fara zargi.

Inda ake yawan tuntuɓe shi ne ɗigo da waƙafi. Bajamushe yana rubuta 4.850,00 yana nufin dubu huɗu da ɗari takwas da hamsin, mai Turanci kuma zai rubuta 4,850.00. In an kwafe shi yadda yake ba bayani, ko an gyara a wani layi an bar wani, lissafi ya rikice. Hajiya, in fassarar ta zo ki ɗauki kalkuleta ki tara layukan da kanki, ki ga ko sun ba da jimillar da ke ƙasa. A lissafin likitan kuma za ki ga wani layi daga sama zuwa ƙasa cike da 2,3 ko 3,5. Ba yawan abin da aka yi ba ne. A tsarin GOÄ da likitocinsu ke caji da shi, kowane aiki yana da kuɗinsa na asali, wannan lambar ce ake ninka shi da ita. In mai fassara ya sa masa kan "adadi", mai dubawa zai ga kamar an duba mutum sau biyu da ɗigo uku.

Kwanan wata kuma, 03.04.2024 a wurinsu 3 ga Afrilu ne. Wanda ya saba da tsarin Amurka zai karanta 4 ga Maris. A ce inshorar ta fara 20 ga Maris, kin ga an mayar da jinyar kafin inshora ta fara aiki.

Maman Hanif: Na duba yanzu, ga 2,3 ɗin nan jere kuwa, da na ɗauka kwanaki ne. To akwai wasu lambobi irin K80.00 da 5-511.11, su ma fassarawa za a yi?

Nas Hauwa: Kada a taɓa su ko da ɗigo ɗaya Maman Hanif. Ta farkon lambar ciwo ce a tsarin ICD-10 na Hukumar Lafiya ta Duniya, K80.0 na nufin tsakuwar matsarmama tare da kumburi mai tasowa farat ɗaya, sifilin ƙarshe ƙarin Jamusawa ne. Ita ce babbar shaidarku cewa abin gaggawa ne, kuma likitan kamfanin zai gane ta ko da wane harshe yake ji. Ta biyun lambar tiyata ce a tsarinsu na gida, OPS, wasu ƙasashe ba sa amfani da shi, don haka a bar lambar a fassara bayanin da ke gefenta.

Abin da ya fi damuna a takardar sallama shi ne gajerun haruffan nan. In kin ga V.a. gaban sunan ciwo, zato likita yake yi, bai tabbatar ba. In Z.n. ne, abu ne da ya riga ya faru a baya, kamar tsohuwar tiyata. Wanda bai san aikin asibiti ba yakan tsallake su don ƙanana ne. Wata ƙawata haka aka yi mata: likita ya yi zaton ciwon zuciya, gwaji ya nuna ba shi ba ne, fassara ta fito da shi a matsayin ciwon da take da shi, kamfani ya ce ta ɓoye musu tsohon ciwo. Sai da aka sake fassara aka haɗa da sakamakon gwajin. Don haka ki tambayi mai fassarar kai tsaye ko ya taɓa yin takardun asibiti, ki nuna masa waɗannan haruffa ki ji me zai ce.

Anti Bilki: Amma fa ni ɗiyata ce ta fassara mana namu, ba hatimi ba komai, kuma suka biya.

Malam Sani: Yana faruwa, musamman in kuɗin ba yawa. Wasu kuma sam ba sa karɓar ta dangi. Shi ya sa na ce a tambaya.

Anti Bilki: Ni dai ina ganin ta fara gwada mai sauƙin, in sun ƙi sai ta nemi mai hatimi.

Nas Hauwa: Sai dai akwai wa'adin miƙa takardu Anti, kuma an riga an dawo da su sau ɗaya. Ki duba yarjejeniyar ki ga kwana nawa suka rage.

Malam Sani: Ƙarin abu ɗaya don gaba. In sun gama dubawa za su turo takardar bayanin abin da suka biya, ita kuma Baba za a fassara wa. Kada a karanta masa jimilla kawai. A ce kun nemi 4,850, sun amince da 4,300, sun cire 100 kason da wanda aka yi wa inshora ke biya da kansa, sun turo 4,200. Cikin 650 da bai dawo ba, 100 ba jayayya, yana cikin yarjejeniya. Sauran 550 kuwa za ki ga ƙaramar lamba ko harafi a gefensa, bayanin yana can ƙasan shafi da ƙananan rubutu, tare da wa'adin ƙorafi. Wannan ƙasan shafin a fassara shi kalma da kalma. Wani lokaci dalilin bai wuce rasit ɗaya da ba a haɗa ba.

Maman Hanif: Na gode ƙwarai, Allah ya saka. Na tura musu tambayoyin ukun. Wani abu kuma na lura, a lissafin likitan an rubuta sunan Baba ba kamar yadda yake a fasfo ba, harafi ɗaya ya bambanta. Mai fassara zai iya gyarawa?

Malam Sani: A'a, shi yadda ya gani zai kwafa, iyaka ya sa ɗan bayani a ƙasa. Ofishin da ya fitar da lissafin za ki rubuta wa, ki haɗa da hoton fasfon, su ba ki sabo kafin a kai wa mai fassara.